Sunan Shafinka Ya Cika Da Lambobi? Ga Yadda Za Ka Gyara

Yau maganarmu a kan yuzanem ce, wato sunan nan da ke bayan alamar `@`.

Mu ɗauka wata 'yar'uwa tana sayar da turaren wuta a PZ, cikin Sabon Garin Zariya. Ɗaliba ta taso daga Samaru ta saya, ƙamshi ya yi mata, sai ta ce, "Anti, meye sunanki a Instagram?" Ga amsar: `@__turaren_wuta_2001__`. To faɗi wannan da baki mu ji, ga hayaniyar 'yan Keke. Andasko biyu a farko, wato ɗan layin nan na ƙasa, ɗaya a tsakiya, wani kafin lamba, biyu a ƙarshe. Kafin yarinyar ta kai Kwangila ta manta. Kasuwa ta tafi ke nan.

Me ya sa irin wannan suna ke kama da na sakaci? Manhajar X kan liƙa wa sabon shiga jerin lambobi a bayan sunansa, kuma shafukan bogi da yawa haka suke barinsa. Duk wanda ya ga naka a haka, zai ɗauka ko dubawa ba ka yi ba.

Akwai kuma haɗari. A ƙaramin allon waya, andasko biyu da uku kusan ɗaya suke a ido. Ɗan damfara zai ƙara guda ɗaya, ya kwafi hotunanki, ya karɓi kuɗin kwastomominki. Ita kuwa 2001, in shekarar haihuwa ce, kin raba wa duniya bayanin da bai kamata ba.

Gyaran fa? In sunan da kike so wani ya riga ki, kada ki cike gurbin da lamba. Ƙara kalma mai ma'ana, sana'a ko unguwa: `@turarenpz` ko `@turarensamaru`. Sai dai ki ƙirga haruffa. X ba ya karɓar fiye da 15, Instagram kuwa har 30. `turarensabongari` haruffa 16 ne, zai shiga Instagram amma X zai ƙi shi. In kina son suna ɗaya a ko'ina, tsaya a 15, kuma ki bar ɗigo, don X bai yarda da shi ba. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ ma ba sa shiga.

Kafin ki canza, sanar da mabiyanki, ki gyara sitika da allon shago, saboda tsohon linki zai daina kai mutane wurinki. A TikTok kuma sai bayan kwana 30 ake sake canzawa, don haka a yi tunani tukuna.

Gwaji na ƙarshe: kira ƙawarki ki faɗa mata sunan sau ɗaya. In ta rubuta daidai ba tare da ta ce "maimaita" ba, ya yi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.