Lissafin da Ake Farawa Daga Ƙarshe

A shekarar 1978 wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Reinhard Selten, ya kawo wani misali da har gobe ake koyar da shi a jami'o'i. Wani katafaren kamfani ne yake da kanti a wani gari, yana cin karensa babu babbaka. Sai ga ƙaramin ɗan kasuwa ya tara jari, yana so ya buɗe irin wannan kanti. Babban kuwa ya riga ya ja kunne cewa duk wanda ya shigo, zai karya farashi har sai ya durƙusar da shi.

Selten ya auna ribar kowa da maki. Idan ƙaramin ya haƙura ya kai jarinsa wata sana'a, yana da maki 1, babban yana da 5. Idan ya shigo aka raba kasuwa cikin lumana, kowa yana da 2. Idan kuwa aka gwabza yaƙin farashi, dukkansu za su tashi a tutar babu.

Dabarar ita ce ƙaramin ya fara lissafi daga matakin ƙarshe, sannan ya dawo baya. Sai ya ɗauka ya riga ya buɗe kanti, kaya na kan kanta, masu saye na shigowa. A ranar, zaɓi biyu ne gaban babban: ya yi yaƙi ya tashi ba ko sisi, ko ya sassauta ya samu 2. Mai neman riba zai sassauta. Da wannan amsa a hannu sai ƙaramin ya koma kan tasa shawarar: shiga na ba shi 2, haƙura na ba shi 1. Saboda haka zai shiga, domin barazanar kurin banza ce, tunda cika ta asara ce ga mai yin ta.

Amma Selten, wanda ya samu kyautar Nobel a 1994, bai tsaya nan ba. Ya ce a ɗauka kamfanin na da rassa a garuruwa 20, ana tunkarar sa ɗaya bayan ɗaya. A gari na 20 babu sauran wanda za a tsorata, don haka zai sassauta. Tunda kowa ya san haka, yaƙi a gari na 19 ma ba shi da amfani, haka har zuwa na farko. Shi kansa Selten ya ce da shi ne mai kamfanin, da ya yi yaƙi a garuruwan farko don sauran su shiga taitayinsu.

A 1982 David Kreps da Robert Wilson suka nuna bakin zaren. Lissafin ya ginu ne a kan cewa kowa ya san ainihin ribar abokin karawarsa. Da zarar ƙananan sun fara zargin cewa wataƙila babban mai taurin kai ne, ko kayansa sun fi nasu arahar sari, to asarar da zai yi a gari na farko za ta iya tsare masa kasuwannin garuruwa da dama.