Hoton tuwo a takardar jerin abinci: yadda ake rubuta wa manhaja umarni

Mai gidan abinci da ke son hotuna a takardar da ake miƙa wa baƙi yana iya samunsu yau daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, irin su Midjourney. Sai dai manhajar ba ta taɓa shiga kicin ɗinka ba. Duk abin da ka bari ba ka faɗa ba, za ta cike gurbinsa da abin da ta saba gani, kuma yawancin abin da ta saba gani abincin Turai ne. Mu ɗauki tuwon shinkafa da miyar taushe mu ga yadda ake bi da manhajar.

Kafin komai, siffanta abincin, kada ka tsaya ga sunansa. In ka rubuta tuwo kawai, kana iya samun dafaffiyar shinkafa wara-wara. Ka ce malmala biyu ne, farare, masu santsi, gefensu ga miya mai kauri ta kabewa da gyaɗa, mai launin ruwan lemo, da yankakken alayyafo da nama a ciki. Waɗannan manhajoji sun fi gane Turanci, saboda haka da shi ake rubuta musu:

```
two smooth white mounds of rice tuwo, thick orange pumpkin and groundnut soup with spinach and mutton,
thin wisps of steam, backlit, dark background,
matte dark wood table, 45 degree angle,
85mm, f/2.8, focus on the front mound --ar 4:5 --no parsley, lemon
```

Tururi ne ya fi ba mutane wahala, domin ba ya fitowa a hoto sai haske ya ratsa shi ta baya ko ta gefe, bayansa kuma da duhu. Duk wanda ya ga an buɗe tukunya da sassafe a bakin ƙofa, rana na shigowa, ya san wannan. Aikin da kalmomin `backlit` da `dark background` ke yi ke nan. In ka nemi tururi a gaban farin bango, ko dai ya ɓace, ko manhajar ta tula maka hayaƙi kamar miyar ta kama wuta. Shi ya sa ake cewa siriri ne, ɗan kaɗan. Ka duba kuma daga inda yake tashi: daga kan miyar ya kamata ya fito, ba daga bayan faranti ba. Fura da nono ko zoɓo kuwa, ba ruwansu da tururi.

Batun kwalliyar saman abinci, a nan nake ganin an fi cutar girkinmu. Manhajar tana son yayyafa koren ganye da yankin lemon tsami a kan komai, alhali ba mai kawo taushe da su. A Midjourney, `--no` ne ke hana su shigowa. Inda abinci yake da kwalliyarsa ta asali, ka ambace ta ɗaya bayan ɗaya: tsire da albasa da tumatir da kabeji, ga yaji a gefe.

Tebur ba ya buƙatar dogon bayani, amma kada a manta shi. Katako mai duhu marar sheƙi yana fito da farin tuwo, shi kuwa gilashi ko tebur mai ƙyalli walƙiyarsa ce za ta janye ido. Duk wanda ka zaɓa, ka maimaita kalmominsa daidai a kowane hoto, don takardar ta zama ta gida ɗaya.

Saura dishi-dishin baya, wato abincin ya fito tas, abin da ke bayansa ya dusashe. A kyamara, ƙaramar lamba irin `f/2.8` tana nufin ƙofar ruwan tabarau ta buɗe sosai, sai ɗan yanki kaɗan ya fito sarai. Manhajar ba ta da ruwan tabarau, lambar ishara ce kawai ga irin hoton da kake so, don haka dole ka faɗi wurin da zai fito, kamar malmalar gaba. In naman da ke cikin miya ya dusashe, an yi yawa: ka gwada `f/4`, domin mai saye yana son ganin abin da zai biya. Kuma wannan salo da tururi duka suna son hoton da aka ɗauka a karkace ko daga gefe. Daga sama kai tsaye, kusan komai nisansa ɗaya da kyamara, tururin ma ba shi da duhun da zai jingina da shi.

Idan hoton ya fito, a zubo ainihin tuwon gidan a ajiye kusa da shi. In a hoto tsoka biyar ce, a faranti biyu, to a gyara umarnin kafin a kai wa mai buga takarda, domin wanda ya ga biyar ya biya kuɗin biyar ne, kuma haƙƙinsa yana wuyanka.