Bidiyon tsaye a allon kwance: a cike gefe, kada a ja hoto

Ana gama biki, sai 'yan uwa su tara wa mai haɗa bidiyo abin da suka ɗauka da wayoyinsu: kamu, wankan amarya, buɗar kai. Kusan duka a tsaye aka ɗauke su, don haka hannu ya saba riƙe waya. Ranar da aka kunna a talabijin ɗin falo, sai ka ga amarya ta koma gajera mai faɗi, fuskarta ta baje, ɗan kwalinta ya miƙe hagu da dama. Laifin ba na wayar ba ne. Mai haɗawa ne ya ja hoton don ya cika allo.

Lissafin ba shi da wuya. Bidiyon waya na tsaye yawanci faɗinsa ɗigo 1080 ne, tsayinsa 1920, wato ma'aunin 9:16. Allon talabijin kuwa akasin haka ne, faɗi 1920, tsayi 1080, wato 16:9. Idan aka rage bidiyon har tsayinsa ya yi daidai da na allo, faɗinsa zai dawo 608 kacal. To, wanda ya tilasta wa 608 ta cika 1920 ya ninka faɗin kowane abu sau uku da ɗoriya, tsayi kuma yana nan yadda yake. Gane wannan ɓarna abu ne mai sauƙi: ka nemi wani abu mai da'ira a cikin bidiyon, agogon bango ko tayar mota. In ya koma kamar ƙwai a kwance, an ja hoton.

Wasu kan guje wa ja, su zuƙo hoton har ya cika allo. Siffa ba ta lalacewa, amma sama da kashi biyu bisa uku na hoton ya tafi, a yanke kai, a yanke ƙafa, a bar ƙirji. A ganina wannan ya fi ciwo, domin kwalliyar da aka ɗauki bidiyon dominta ita ce ta salwanta.

Abin da ya dace shi ne a bar hoton da siffarsa a tsakiya, a cike filin da ya rage. An cire 608 daga 1920, saura 1312, kowane gefe ya samu 656. Masu aiki da kwamfuta suna yin wannan da manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -vf "scale=-2:1080,pad=1920:1080:(ow-iw)/2:0:black,setsar=1" -c:a copy sabo.mp4
```

Sashen scale yana mai da tsayi 1080, faɗi kuma ya bi shi. Ainihin lissafin 607.5 yake bayarwa, kuma tsarin H.264 da yawancin wayoyi da talabijin ke karantawa yana buƙatar lamba mai rabuwa biyu, shi ya sa ake rubuta -2 don a samu 608. Sashen pad shi ne ke shimfiɗa baƙin fili ya ajiye hoton a tsakiya. Ƙarshen umarnin kuma yana kwafe sauti ba tare da an taɓa shi ba.

Wanda waya kawai gare shi, CapCut ko InShot sun ishe shi. Ya zaɓi 16:9, ya tabbata hoton ya shigo ɗungurungum daga sama har ƙasa, sannan ya zaɓi abin da zai zauna a baya. Yawancin mutane sun fi son bidiyon kansa a dusashe a gefe, irin yadda tashoshin labarai ke yi da bidiyon da jama'a suka turo. Yana da kyau a biki. Amma in wa'azi ne ko darasi, ko akwai rubutu a jikin hoton, ni baƙi na fi so, don motsin gefe yana ɗauke hankalin mai kallo.

Cikon ba ya ƙara wa hoto kyau, ya kamata a san wannan. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, a babban allo zai fito dishi-dishi, don haka a roƙi mai shi ya turo ta Document. Kuma a adana na asali. Wanda aka cike wa gefe na talabijin ne da majigi. In aka mai da shi waya aka sa a status, baƙi zai kewaye shi ta ko'ina, hoton ya zama ɗan mitsitsi a tsakiya.

Wani lokaci an yi komai daidai amma har yanzu fuskoki a baje suke. A nan sai a ɗauki rimot a duba saitin Aspect Ratio ko Picture Size na talabijin ɗin, a cire shi daga Zoom ko Stretch, a mai da shi 16:9 ko Original.