Kwamfutar ofis ta cika: Ina wurin yake tafiya, kuma me ya kamata a goge?

A ofisoshi da dama, kwamfuta ɗaya ce ke yi wa kowa aiki. Sakatare ya buga wasiƙa da safe, akanta ya hau da rana, mai yi wa ƙasa hidima kuma ya zauna a kai bayan an tashi. Kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa.

Ana nan sai wata rana layin da ke nuna rumbun ajiya na C: ya koma ja. Windows kan yi hakan idan wurin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Daga nan sai na'urar ta fara nauyi, sabunta manhaja ya riƙa tsayawa a hanya, wani lokaci ma takarda ta ƙi ajiyuwa.

Abin da aka saba yi shi ne wanda ke zaune a kai ya goge 'yan hotunansa, ya share kwandon shara, ya duba ya ga babu abin da ya sauya. Dalili kuwa shi ne yawancin kayan da suka cika rumbun ba nasa ba ne, kuma daga asusunsa ba ya ma iya ganinsu.

Ɗaki bakwai, mabuɗi ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga kwamfutar da asusunsa, Windows na buɗe masa folda tasa a cikin `C:\Users`. Wannan ce ake kira furofayil. A ciki akwai Desktop da Documents da Downloads, da kuma wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData inda manhajoji ke tara kayansu. Hatta kwandon shara, kowa da nasa, don haka wanda ya share nasa bai taɓa na abokin aikinsa ba.

Asusun ma'aikaci na yau da kullum ba shi da izinin leƙa foldar wani. Idan ya auna girman `C:\Users`, na'urar za ta ƙirga abin da aka yarje masa gani ne kawai, sai ya sami adadi ƙarami da bai yi daidai da cikar rumbun ba.

A ɗauki misalin wani ofishi mai kwamfuta da rumbunta ke da gigabayit 256, wanda Windows ke nunawa a matsayin kusan 238. Saura 6 kacal. Furofayil bakwai ne a ciki, amma mutum huɗu ne ke zuwa aiki. Sauran ukun, biyu masu yi wa ƙasa hidima ne da suka gama shekararsu suka tafi, ɗaya kuma an yi masa sauyin wurin aiki.

Aikin farko a nan aunawa ne, kuma sai da asusu mai matsayin Administrator. Akwai ƙananan manhajoji irin su WinDirStat da TreeSize Free da ke jera folda daga babba zuwa ƙarama. A buɗe su ta hanyar danna maɓallin dama a zaɓi "Run as administrator", in ba haka ba su ma za su tsallake foldar wasu.

A misalin nan, awon ya nuna cewa Windows da manhajoji sun ci 58, kwandunan sharar ma'aikata sun riƙe 12, furofayil kuma sun kwashe 162. Daga cikin wannan, 78 na mutanen da suka tafi ne. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na rumbun yana hannun waɗanda ba su sake taka ofishin ba.

Kuskuren da ya fi yawa

Da an ga haka, hannu kan yi saurin zuwa `C:\Users` a danna sunan mutum a goge foldar. Wannan hanya ce mai haifar da matsala. Windows na da rajistar da take riƙe da sunan kowane furofayil da inda yake, kuma goge folda ba ya cire shi daga rajistar. Idan mai asusun ya dawo, na'urar za ta nemi foldarsa ta rasa, sai ta iya shigar da shi cikin furofayil na wucin gadi. Alamar hakan ita ce saƙon da ke ambaton "temporary profile", kuma duk abin da ya ajiye a zaman zai ɓace da zarar ya fita.

Hanyar da ta dace tana nan kusa. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta:

```
sysdm.cpl
```

A shiga Advanced, a ƙarƙashin User Profiles a danna Settings. Za a ga jerin furofayil da girman kowanne, ko da yake jerin kan ɗauki mintuna kafin ya fito idan kayan na da yawa. A zaɓi wanda ake so a danna Delete. Wannan na kwashe folda da rajistarta tare, amma asusun kansa yana nan, mai shi zai iya sake shiga ya tarar da sabon furofayil babu komai. Idan asusun ma ba a buƙatarsa, sai a bi ta Settings, Accounts, Other users, a danna Remove, sannan "Delete account and data".

Wani lokaci maɓallin Delete kan dushe ya ƙi dannuwa. Yawanci hakan na nufin furofayil ɗin yana buɗe, misali mai shi bai fita ba, an dai yi Switch user ne a kansa. Sake kunna kwamfutar kan warware wannan.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne furofayil ɗin da aka cire ta wannan hanya ba ya zuwa kwandon shara. Ya tafi ke nan. Kuma folda irin su Public da Default ba na wani ma'aikaci ba ne, na Windows ne, a bar su.

Kafin a danna Delete

Nan ne aikin ya fi buƙatar natsuwa, domin tsohon asusu ba lallai ne ya zama marar amfani ba. Mai yi wa ƙasa hidima da ya shekara yana shigar da sakamakon jarrabawar ɗalibai ko lissafin kayan sito, mai yiwuwa kwafin aikin guda ɗaya tak yana kan Desktop ɗinsa, kuma ba za a tuna da shi ba sai ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Da farko a tabbatar asusun ya daina aiki. Kwanan watan da ke jikin folda ba abin dogaro ba ne, saboda Windows da manhajar kashe bairos kan taɓa fayil ko da mai shi bai shiga ba. Ga asusun da aka buɗe a kan kwamfutar kanta, umarnin `net user` tare da sunan asusun zai nuna layin Last logon, wato ranar shiga ta ƙarshe. Duk da haka tambayar shugaban sashe ta fi, domin akwai mai hutun haihuwa, akwai wanda ya tafi ƙaro ilimi.

Sai a kwafe Desktop da Documents da Pictures zuwa rumbun waje, a buɗe wasu fayiloli daga can a tabbatar suna buɗuwa. Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko wasiƙun Outlook. Fayil mai ƙarshen `.ost` kwafi ne na abin da ke kan sabar imel, ana iya sake samunsa muddin akwatin imel ɗin na nan, amma mai ƙarshen `.pst` sau da yawa shi kaɗai ne kwafin tsofaffin wasiƙu. Na biyu kalmomin sirri da aka ajiye a burauza. Idan tsohon ma'aikaci ne ke shiga shafin biyan haraji ko na albashi da sunan ofis, a karɓi bayanan shiga a sauya su tun kafin furofayil ɗinsa ya tafi.

Akwai kuma batun amana. Wanda ke da mabuɗin Administrator zai ci karo da hotunan iyali da takardun asibiti na mutane. Abin da ya fi shi ne a kira mai kayan a ba shi wa'adi ya zo da filashinsa, a kwafe folda ba tare da bin ta ɗaya bayan ɗaya ba. Idan ana shakka, a kulle asusun na wata guda tukuna:

```
net user sunan_asusu /active:no
```

Wannan ba ya samar da wuri ko kaɗan, amma idan akwai mai amfani da asusun a ɓoye, zai fito ya yi magana.

Foldar Downloads ta masu aiki

A misalin da aka ɗauka, mutum huɗun da suka rage suna riƙe da 84, kuma fiye da rabi yana cikin Downloads. Abubuwan sanannu ne: fina-finai da wasannin kwaikwayo masu dogon zango da aka sauke da intanet ɗin ofis, fayilolin girka manhaja da aka gama amfani da su, da takarda ɗaya da aka sauke sau biyar, kowacce da lamba a ƙarshen sunanta.

Ba sai an bi dubban fayiloli ba. A akwatin bincike na foldar a rubuta `size:>500MB`, manyan za su fito, kuma galibi guda ashirin ko talatin ne ke riƙe da mafi yawan wurin. Ya fi kyau kowa ya yi wannan da kansa a asusunsa, domin ma'aikata da yawa sun mayar da Downloads wurin aiki. Takardar kasafin kuɗi da aka sauke daga imel aka ci gaba da gyara ta a can, ga wanda bai sani ba tarkace ce. Bayan gogewa kowa ya share kwandonsa, in ba haka ba kayan sun sauya wuri ne kawai, layin zai ci gaba da zama ja.

Mai amfani da OneDrive ya yi hattara, domin goge fayil a foldar da ke haɗe da shi na goge shi har a intanet. Zaɓin "Free up space" shi ne ke cire kwafin kwamfuta ya bar na can.

Da aka cire furofayil uku, aka rage 35 daga Downloads, aka share kwanduna, wurin da ya rage ya tashi daga 6 zuwa 131, ba tare da an taɓa foldar Windows ba.

Don kada a koma gidan jiya, akwai Storage Sense a ƙarƙashin Settings, System, Storage. Yana iya share kwandon shara da kansa bayan kwana 30, amma saitin na kowane asusu ne daban, sai kowa ya kunna nasa. Yana kuma iya goge abin da ya daɗe a Downloads ba a buɗe ba, daga kwana 1 zuwa 60. Wannan zaɓin a kan Never yake zuwa, kuma a ofishin da mutane ke ajiye aikinsu a can, gara a bar shi haka har sai kowa ya kwashe takardunsa zuwa Documents.