Kafin Ranar Jere: Yadda Takarda Ɗaya Ke Nuna Ko Ɗaki Zai Ci Kaya

Duk wadda ta taɓa zuwa jeren amarya ta san lokacin da hira ke tsayawa cak. An sauke kaya, kafinta ya haɗa gado, ya ɗaure sif, sai wata ta tura ƙyauren ƙofa ta ji ya bugi katako tun bai kai rabi ba. Daga nan sai ja da turi, a matsa nan a matsa can, fenti ya karce, magariba ta yi ba a gama ba. Kayan ba su da aibu. Abin da ya faru shi ne an zaɓe su a faffaɗan shago, inda gado ƙafa shida ke zama kamar ɗan ƙarami, aka kawo su ɗakin da ba wanda ya sa wa tef.

Masu zanen gini suna kauce wa wannan ta hanyar rage ɗakin a kan takarda bisa ma'auni ɗaya, galibi 1:50, wato santimita 1 a takarda tana madadin santimita 50 a ƙasa. Mai gida ko uwar amarya ba sa buƙatar kayan aikinsu. Littafin lissafi mai gida-gida na 'yan makaranta ya isa, tare da fensir, almakashi da tef ɗin awo. Tun da kafintoci da ƙafa suke magana, abu mafi sauƙi shi ne a ɗauki kowane gida ɗaya a matsayin rabin ƙafa, inci 6.

Awon farko na ɗakin ne, kuma daga ciki ake yin sa, bango zuwa bango, bayan an yi filasta. Kada a dogara da abin da mai haya ko magini ya faɗa, domin ɗakin da ake kira goma da sha biyu yakan gaza hakan da 'yan inci, kuma a ƙaramin ɗaki inci huɗu ne ke raba sif mai buɗuwa da marar buɗuwa. A auna faɗin ƙofa da nisanta daga kusurwa, a lura da gefen da ƙyauren yake ɗaure, a kuma sa alamar taga da soket.

A ɗauki misalin ɗaki mai ƙafa 12 daga gabas zuwa yamma, ƙafa 10 daga kudu zuwa arewa. A takarda zai zama gida 24 da gida 20. Ƙofarsa mai faɗin ƙafa 3 tana bangon kudu, dab da kusurwar yamma, tana buɗewa ciki. Ƙyaure ba ya tsayawa wuri ɗaya, shara yake yi, don haka dole a zana hanyarsa. A kafa tsinin kamfas a inda ƙyauren yake ɗaure, a buɗe shi gida 6, a ja rubu'in da'ira. Wanda ba shi da kamfas ya ɗaura zare a fensir. Duk abin da ke cikin wannan lanƙwasa filin ƙofa ne, ko kwandon wanki bai kamata ya zauna a ciki ba.

Sai kayan. Su ba a zana su a jikin takardar, a wata takarda daban ake yanko su don a riƙa zagaya da su. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa: shida da shida awon katifa ne, ba na gado ba. Idan aka haɗa da katakon gefe da allon kai mai soso, gadon yakan kai ƙafa 6 da rabi a faɗi, kusan 7 a tsawo, wato gida 13 da 14. Sif mai ƙafa 6 da zurfin ƙafa 2 zai zama gida 12 da 4, kuma idan ƙyaure huɗu gare shi, kowanne na buƙatar ƙafa ɗaya da rabi a gabansa kafin ya buɗe.

Tsarin da ido ya fi so shi ne a jingina kan gado da dogon bangon arewa, sif ya fuskance shi daga kudu. Da an ɗora yankakkun takardun sai lissafi ya fito fili. Ƙafa 10 ne tsakanin bangayen biyu, gado ya ci 7, sif ya ci 2, saura ƙafa ɗaya tak, gida biyu a takarda. Mutum ba zai wuce ba sai a karkace, ƙyauren sif kuwa zai tsaya a jikin gado. A takarda gyaran wannan motsa ɗan yatsa ne kawai. A ranar jere kuwa kwance gado ne gaba ɗaya.

To a juya gadon, kansa ya koma bangon gabas, sif ya koma bangon yamma a manne da kusurwar arewa. Yanzu ƙafa 12 ake rabawa: 7 na gado, 2 na sif, ƙafa 3 suka rage a tsakani. Ƙyauren sif zai buɗe, mai ɗaukar kaya ma ta samu wurin tsayawa. Sif ya ci ƙafa 6 daga cikin 10 na bangon yamma, ya bar 4, ƙofar ɗaki kuma 3 take nema, saboda haka za ta buɗe har ƙarshe ba ta taɓa komai ba.

Matsalar da ta rage tana gefen gado. Bango ƙafa 10, gado 6 da rabi, rarar 3 da rabi ce. Idan aka sa gadon a tsakiya, durowar gefe biyu za su shiga, hoto ma zai yi kyau, amma kowane gefe inci 21 kawai zai samu. Abin da aka saba bi shi ne kada hanyar wucewa ta gaza ƙafa 2, inda ake yawan bi kuma ta kai biyu da rabi zuwa 3. Inci 21 hanya ce da mai juna biyu ko mai goyo za ta riƙa shan wahalarta kullum, ga shara da gyaran shimfiɗa.

Mafita biyu ce, kowacce da abin da za a sadaukar. Ko dai a manna gadon da bangon arewa, a haƙura da durowa ɗaya, a samu fili mai faɗin ƙafa 3 da rabi a gefen kudu. Wannan filin ya miƙe ne zuwa gabas, don haka dadduma za ta shimfiɗu a cikinsa, abin da sau da yawa ba a tunawa sai an gama jere an tashi yin salla. Illarsa ita ce mai kwana ta bango sai ya tsallaka. Ko kuma a sauko zuwa katifa huɗu da rabi, gadonta ya ci ƙafa 5, kowane gefe ya samu biyu da rabi. Ga ma'aurata biyu a irin wannan ɗaki, na biyun ya fi daɗin zama, ko da dangi za su ga gadon bai cika ido ba. Madubi mai teburi kuwa, da zurfinsa na ƙafa ɗaya da rabi da kujerarsa, ba shi da wurin kirki a ko wanne tsari. Gara a maƙala dogon madubi a bango ko a jikin ƙyauren sif.

Takarda tana da iyakarta, domin daga sama take kallon ɗaki. Ba za ta nuna cewa allon gado ya rufe soket ba, ko sif ya yi tsayin da zai kusanci fanka, sai an auna waɗannan daban. Haka ma shigar da kayan: ƙofa mai ƙafa 3 takan rasa inci biyu ko uku saboda firam, don haka a tambayi kafinta tun da wuri ko sif ɗin a kwance zai zo a haɗa shi a ciki.

Idan tsarin ya zauna a takarda, a ɗauki alli a je ɗakin tun yana fanko, a zana gado da sif a ƙasa da ainihin girmansu. A buɗe ƙofa a rufe, a bi ta tsakanin layukan ɗauke da bokiti, a shimfiɗa dadduma a gwada sujada. Bayan nan sai a ba kafinta hoton takardar da awon kowane abu a rubuce, kafin ya yanka katako.