Launin jinin haila: wanne ne lafiya, wanne ne ke bukatar asibiti

Launin jinin haila yana sauyawa gwargwadon lokacin da jinin ya ɗauka kafin ya fito. A cikin jini akwai sinadarin ƙarfe, wanda idan ya haɗu da iska yakan sa jinin ya yi duhu. Saboda haka jinin da ya zubo da sauri ja zur yake fitowa, musamman a rana ta biyu da ta uku, wanda kuma ya jima a mahaifa ko a gaba yakan koma ja mai duhu, ya koma ruwan ƙasa, har ya kusa zama baƙi. Shi ya sa farkon al'ada da ƙarshenta suka fi duhu. Abin da mata ke kira "mataccen jini" tsohon jini ne kawai, ba datti ba ne, kuma ba ya bukatar maganin wankin mara. Masu allurar tazarar haihuwa ko ashanar hannu ma sukan ga ɗigo mai ruwan ƙasa a watannin farko, wannan kuma sanannen abu ne.

Launin toka shi ne ba ya cikin launukan lafiya. Idan ruwa ne tsararo mai toka-toka da ƙarni kamar na kifi, wanda ke ƙaruwa bayan saduwa ko bayan al'ada, yawanci ƙwayoyin cuta ne suka rinjayi masu amfani da ke tsare gaba. Wanke cikin gaba da sabulu da cusa kayan matsi suna daga cikin abubuwan da ke jawo shi, don haka mai ƙara wanki domin ta kori warin ƙara rura matsalar take yi. Ma'aikatan lafiya kan ba da metronidazole na kwana 5 zuwa 7. Idan kuwa tsoka ce mai launin toka ta fito tare da gudaji da murɗawar mara, ana zargin ɓari ne, ko da matar ba ta san tana da ciki ba. Ragowar da ta maƙale a mahaifa tana iya ruɓewa. Zazzaɓi da wari su ne alamarta.

Jini mai duhu ma yana iya zama haɗari idan ya zo ba a kan lokacinsa ba. A ɗauka wata mata a Masama da ta saba ganin al'ada duk kwana 28 ta yi ɓatan wata da mako biyu, sai ta fara ganin ɗigo kaɗan-kaɗan mai ruwan ƙasa, da ciwo a gefe ɗaya na mara. Za ta iya cewa al'ada ce ta makara, tunda jinin bai da yawa. Amma haka cikin da ya zauna a bututun ƙwai, a wajen mahaifa, yakan fara nuna kansa, kuma idan bututun ya fashe a cikin ciki jinin ke taruwa inda ido ba ya gani. Matakin farko shi ne gwajin ciki na fitsari a ranar. Idan ya nuna ciki, sai hoton ciki a asibitin da ke yin tiyata, kamar babban asibitin Kalgo ko Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Jiri, suma ko ciwon kafaɗa na nufin a tashi a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne.

Ja zur ba ya tayar da hankali sai ya yi yawa: ƙunzugu ko audugar mata na jiƙewa duk awa ɗaya ko biyu, gudajin da suka wuce santimita 2.5, ko zubar da ta haura kwana 7. Wannan na kawo ƙarancin jini, kuma ƙarin mahaifa na daga cikin dalilansa. Jini kowane launi bayan saduwa, ko bayan mace ta shekara da daina al'ada, yana bukatar a duba bakin mahaifa saboda sankara. A garuruwan fadama inda mata ke shiga ruwan shinkafa da tafkuna, tsargiya ma tana kama al'aurar mace ta sa ɗigon jini, kuma ana maganinta da praziquantel.

A fikihun Malikiyya ruwa fatsi-fatsi da gurɓatacce suna cikin hukuncin haila, mafi tsawonta kwana 15, tsarki kuma ana gane shi da bushewa ko farin kumfa. Wannan ƙidaya ta salla da azumi ce. Macen da jininta ke kai kwana 12 tana iya kasancewa cikin haila a hukunce, amma a likitance ta wuce iyaka, kuma ya kamata a auna yawan jininta a duba mahaifarta.