Tafinta a Bakin Gado: Yadda Ake Sanar da Majinyaci Cutar da Ba Ta Warkewa

A ɗauki misalin wani manomi mai shekara 58 da aka kawo babban asibiti da kumburin ciki, idanunsa sun yi ɗorawa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. An yi hoton ciki, an auna jini, sakamako ya nuna kansar hanta ce da ta riga ta mamaye hantar, irin wadda kan biyo bayan ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jiki ba a sani ba. Tiyata ba za ta yiwu ba. Likitar da ke duba shi 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ke ciwo" ba, shi kuwa dattijon ba ya jin Turanci. Sai aka kira wata ma'aikaciyar jinya ta yi tafinta. Tun kafin ta ƙarasa ɗakin, babban ɗan majinyacin ya tare ta a baranda ya rage murya: "Sista, don Allah ko me likita ta faɗa, ki ce masa gyambon ciki ne. In ya ji daji ne, wallahi ba zai kwana ba."

Wannan roƙo shi ne jarrabawar farko, kuma a nan tafintoci da dama kan faɗi, saboda tausayi. Ɗan ba maƙaryaci ba ne, yana kare mahaifinsa ne da abin da ya sani. A ƙasar Hausa mummunan labari ba a jefa shi, ana bi da shi ta hannun manya, a fara da "jiki ya yi tsanani" kafin a kai ga abin da ya fi haka. Ko likitocin Turawa ba su daɗe da barin ɓoyon ba. Wani bincike da Donald Oken ya wallafa a Amurka a 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na likitocin da aka tambaya ba sa son gaya wa majinyaci cewa kansa gare shi. Da aka maimaita tambayar a wani binciken da aka wallafa a 1979, kashi 97 suka ce suna faɗa. Wato al'ada ce ta sauya cikin shekara goma sha takwas, ba wai wasu aka halitta da jure wa gaskiya ba.

Amma tafinta ba shi da hurumin amsa wannan roƙo shi kaɗai. In ya ce "to" a baranda, ya shiga ɗaki likita tana cewa kansa yana cewa gyambo, ya zama shi ke yanke hukunci a kan rayuwar wani, likita kuma za ta fita tana zaton majinyaci ya sani. Abin da ya dace ma'aikaciyar ta ce shi ne: "Malam, na ji damuwarka, kuma gaskiyarka. Zo mu gaya wa likita wannan maganar tun kafin mu shiga wajen Baba." Minti biyar ɗin da za a yi a tsaye, mutum uku, su ne rabin aikin. A nan likita za ta faɗi abin da take shirin faɗa, tafinta ta tambayi duk abin da bai zauna mata ba, a kuma daidaita kalmar da za a kira cutar da ita.

Akwai mafita tsakanin ɓoyewa da dankara wa mutum labari, wadda masanin ɗa'ar aikin likita Benjamin Freedman na Montreal ya bayyana a 1993. Ba a tilasta wa majinyaci ya ji, ana miƙa masa damar ji ne. Likita za ta tambaya, tafinta ta juya: "Baba, sakamakon gwaji ya fito. Wasu suna so a yi musu bayani dalla-dalla, wasu kuma sun fi so a yi magana da 'ya'yansu. Kai wanne ka fi so?" In dattijon ya ce a yi da babban ɗansa, shi ke nan, zaɓinsa ne, kuma ba a yi masa ƙarya ba. In ya ce a faɗa masa, ɗan ya ji da kunnensa cewa mahaifinsa ne ya nema. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta ba majinyaci haƙƙin sanin halin da lafiyarsa ke ciki, a harshen da yake fahimta, sai dai in akwai ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sanarwar za ta cutar da shi. Auna wannan hujja kuwa aikin likita ne, ba na mai fassara ba.

A ce dattijon ya gyara zama ya ce, "Ku faɗa mini, ni ba yaro ba ne." Yanzu aka zo wurin da harshe ke da santsi.

Likitoci da yawa suna bin tsarin matakai shida da Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka wallafa a 2000, kuma a cikinsa akwai jimlar share fage, wadda ke zuwa kafin sunan cutar: "Ina baƙin cikin sanar da kai cewa sakamakon bai zo yadda muka so ba." Tafinta mai gaggawa yakan tsallake ta don yana ganin ba bayani ba ce. Alhali ita ce ke ba mutum daƙiƙu kaɗan ya tattaro zuciyarsa. Haka shirun da likita ke yi bayan ta ambaci cutar: da gangan take yin sa. Tafintan da ya cike wannan shiru da "kada ka damu, Baba, za ka warke" ya rushe abin da aka gina, kuma ya ƙara maganar da likita ba ta yi ba.

Sai sunan cutar. In aka ce "ƙari" kawai, majinyaci zai iya ɗauka kumburi ne da za a yanke a huta. In aka ce "daji", a kunnen mutane da yawa wannan cuta ce da ba ta son allura ko ƙarfen asibiti, maganinta na wurin masu gargajiya, sai ka ga washegari an nemi sallama. Gwanin tafinta yakan ambaci sunan sannan ya roƙi likita ta ƙara bayani: ciwon daji ne na hanta, wanda ake kira kansa, ya yaɗu, shi ya sa ciki ke tara ruwa. Ya kuma gaya wa likita a fili cewa kalmar na ɗauke da wancan tsoro, don ta amsa shi da bakinta.

Mafi hatsari ita ce kalmar "magani". Turanci ya raba warkarwa da kulawa da kalmomi biyu, Hausar yau da kullum kuwa takan haɗa su a ɗaya. Likita ta ce cutar ba ta warkewa amma akwai abubuwan da za a yi. In tafinta ya taƙaita ya ce "babu magani", iyali za su ji an kore su ne. In ya ce "za a ba ka magani", za su ji alkawarin waraka, a je a sayar da gona da shanu. Dole a buɗe jimlar gida biyu: "Babu maganin da zai raba ka da cutar. Amma akwai maganin da zai kashe raɗaɗin, za a riƙa zuƙe ruwan cikin don ka samu numfashi, kuma ba za mu bar ka ba." Jimlar ta fi ta likita tsawo, ma'anar kuwa daidai take.

Girman wannan matsala an auna shi. A wani bincike da aka wallafa a 2008, wasu masu bincike a Seattle sun naɗi tattaunawar likitoci da iyalan majinyata a sashen kulawa ta musamman, inda ake amfani da ƙwararrun tafintoci, suka gano cewa an samu sauyi a fiye da rabin maganganun da aka fassara, kuma mafi yawan sauye-sauye masu tasiri sun raunana saƙon ne. Ƙwararru ke nan. Ina ga jikan majinyaci ɗan sakandare da aka jawo daga bakin ƙofa don ya iya Turanci, aka ɗora masa gaya wa kakansa cewa kwanansa ya ƙare? Wannan bai kamata a yi shi ba ko da babu kowa a kusa. Gara a jinkirta zaman zuwa la'asar.

Daga nan sai tambayar da kowa ke tsoro, in an yi ta: saura nawa? Likita za ta ce watanni kaɗan ne, wataƙila ma makonni. Musulmi ya yi imani ajali na hannun Allah, kuma tafintan da ya ce "likita ta ce wata uku ya rage maka" ya sa ta zama mai da'awar sanin gaibu, nan take iyali su daina sauraronta. Amma tafintan da ya haɗiye lissafin ya ce "rai na hannun Allah" kawai, shi ma ya ci amana. Ana iya riƙe duka biyun, bayan an shaida wa likita yadda za a faɗa: "Ranar kowa Allah kaɗai Ya sani. Amma bisa abin da likita ta gani ga masu irin wannan ciwo a wannan mataki, yawanci watanni ne kaɗan, ba shekaru ba." Kuma addinin da ake fakewa da shi don a ɓoye, shi ne ke ba majinyaci dalilin son sani. Akwai bashi da zai so ya biya ko ya bayyana, akwai amanar mutane a hannunsa, akwai wanda zai nemi yafiyarsa, akwai wasiyya da shari'a ta iyakance ga sulusin dukiya. Duk waɗannan suna buƙatar hankali a jiki, cutar hanta kuwa in ta yi nisa takan gusar da hankali kafin rai ya fita. Ga Bahaushe Kirista maganar ɗaya ce, sai dai fasto za a kira maimakon liman, kuma tafinta ya tambaya, kada ya ɗauka.

Fassarar da ke komawa wajen likita ma tana da nata tarko. Dattijon ya ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Bahaushe yakan faɗi haka ko yana gargara, domin amsar gaisuwa ce, ba rahoton jiki ba. Tafintan da ya juya ta kai tsaye zai sa likita ta rubuta cewa ciwo ya ragu, a ƙi ƙara maganin raɗaɗi. Haka in ya ce "Allah Ya fi likita", ba lallai musun sakamakon yake ba, sau da yawa tawakkali ne na wanda ya gane sarai. Aikin tafinta ya faɗi kalmomin yadda suke, ya ƙara da cewa ga yadda ake amfani da su, sannan ya bar likita ta sake tambaya: ciwon na hana ka barci?

Ana gane ko saƙon ya isa ta hanya ɗaya mai sauƙi. Kafin a tashi, likita ta ce majinyaci ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, kamar zai ba ƙaninsa labari in ya zo dubiya. In ya ce "an ce gyambo ne, in na sha magani zan koma gona da damina", to wani wuri an yi ɓari, sai a sake zama. In ya ce "an ce ciwon ba na tashi ba ne, amma za a rage mini zafi, ku kira mini ƙanina da liman", sai likita ta rubuta a fayil wanda ya yi tafinta, da waɗanda suka halarta, da abin da majinyaci ya zaɓi ya sani, don ma'aikatan dare kada su zo da wata magana dabam.